Tankin Masai na Zamani: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Tsayar da Yoyonsa

Gabatarwa

Katuzu unguwa ce a Gashuwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Bade a Jihar Yobe. Kogin Yobe yana wucewa ta gefen garin, amma ruwan da gidaje da yawa suke amfani da shi daga rijiya ko rijiyar burtsatse yake fitowa. Wasu suna da injin da yake tura ruwan zuwa tankin sama. Wasu kuwa saye suke yi jarka-jarka daga wurin 'yan garuwa. Ko ta wace hanya ruwa ya shigo gida, sai an biya kuɗinsa, ko na fetur, ko na lantarki, ko na mai turo kura.

A gidan da yake da masai na zamani, wato irin na tangaran wanda ake korawa da ruwa, akwai wata ɓarna da ba kasafai ake lura da ita ba. Ruwa yakan riƙa silalowa daga ƙaramin tankin da yake bayan masai zuwa cikin kwanon masai, dare da rana, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A wannan darasi za ka koyi abin da yake cikin wannan ƙaramin tanki, da yadda za ka gane inda yoyon yake, da yadda za ka gyara shi. Ka riƙe magana ɗaya tun daga farko: ƙofa biyu ce kawai a cikin tankin, ɗaya ta shigar ruwa, ɗaya ta fitarsa. Idan ruwa ya ƙi tsayawa, ɗaya daga cikinsu ce ta ƙi rufuwa. Aikinka na farko shi ne ka gano wacce ce.

Abin da yake cikin tankin

Idan ka buɗe murfin tankin za ka ga abubuwa uku. A gefe ɗaya akwai bawul ɗin cikawa, wanda yake shigo da ruwa. A tsakiya akwai bawul ɗin kora, wanda yake sakin ruwa zuwa kwanon masai. Na uku shi ne bututun ambaliya, wanda bakinsa yake buɗe ta sama. Kalmar bawul tana nufin ƙofar da take buɗewa ta bar ruwa ya wuce, ta kuma rufe ta tare shi. Ita ce dai kalmar da makanikai suke amfani da ita a aikin inji.

Yawancin waɗannan kaya da roba aka yi su. A Hausa, kalmar roba tana ɗaukar abu biyu. Akwai roba mai tauri, irin ta bokiti, wadda aka yi jikin bawul da ita. Akwai kuma roba mai laushi, irin ta tayar keke, wadda aka yanka zagaye domin ta toshe hanyar ruwa. Wannan ta biyun ita masu gyaran famfo suke kira washa. Ka lura da ita sosai, domin yawancin yoyo daga gare ta yake farawa.

Bawul ɗin cikawa

Aikin wannan bawul shi ne ya buɗe idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ya kuma rufe idan ruwan ya kai iyakarsa. Yana sanin tsayin ruwa ne ta hanyar wani abu marar nauyi da yake zaune a kan ruwa, ya hau idan ruwa ya hau, ya sauka idan ruwa ya sauka.

A tsohon samfuri, wannan abu ƙwallo ne da aka ɗaura a ƙarshen wani dogon hannu. Idan ruwa ya ɗaga ƙwallon, sai hannun ya tura wata 'yar washa ta toshe ramin da ruwa yake shigowa ta cikinsa. Ƙarfin ƙwallon ne kaɗai yake rufe ƙofar. Saboda haka idan ƙwallon ya fashe ruwa ya shiga cikinsa, sai ya nutse, ƙofar kuma ta zauna a buɗe.

A sabon samfuri, maimakon ƙwallo akwai wani kofin roba da yake hawa da sauka a jikin bawul ɗin. A can sama, cikin kan bawul, akwai wata faffaɗar washa siririya mai kama da fatar ganga. A jikinta akwai ɗan rami kamar hujin allura, wanda ruwa yake bi ya taru a bayanta. Muddin kofin yana ƙasa, akwai wani ƙaramin rami na biyu da yake buɗe, ruwan da ya taru yana tserewa ta nan, washar kuma tana ɗagawa ta bar ruwa ya shigo tanki. Da zarar kofin ya hau, sai ya toshe ramin nan na biyu. Ruwan da yake bayan washar ya rasa hanyar fita, sai ya danne ta a kan ƙofar, ruwa ya tsaya. Ka ga ke nan a wannan samfuri ƙarfin ruwan ne da kansa yake rufe ƙofar.

Wannan dabara tana da rauni biyu, kuma dukansu sun shafi gari irin Gashuwa. Na farko shi ne yashi. Ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da ɗan yashi, musamman idan rijiyar sabuwa ce. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ramin nan mai kama da hujin allura, ko ta maƙale a ƙarƙashin washar ta hana ta zama daidai. Na biyu shi ne ƙarancin ƙarfin ruwa. Ruwan da yake saukowa daga tankin sama yana samun ƙarfinsa ne daga tsayin tankin. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin da ake rubutawa bar a jikin kwalin kaya, kuma tsayin mita 10 yana ba da kimanin bar 1. Idan tankin gidanku ya ɗara tankin masai da mita 4 kawai, ƙarfin ruwanku kimanin bar 0.4 ne. Wasu bawul ɗin an yi su ne domin ruwan famfo mai ƙarfi. A irin wannan gida za su cika tanki a hankali ƙwarai, wani lokaci kuma ba za su rufe sosai ba. Don haka kafin a sayi sabo, a karanta mafi ƙarancin ƙarfin da aka rubuta a kwalinsa.

Bawul ɗin kora mai maɓalli biyu

A ƙasan tankin akwai babban rami da yake kaiwa zuwa kwanon masai. Bawul ɗin kora yana tsaye a kan wannan rami, kuma a gindinsa akwai babbar washa da take rufe ramin. Nauyin ruwan tanki yana taimakawa wajen danne ta. Idan ka danna maɓallin da yake kan murfi, wani tsinken roba ko wata waya takan ɗaga cikin bawul ɗin tare da washar, ruwa ya kwarara da ƙarfi ya kore ƙazanta.

Me ya sa maɓallin ya kasu biyu? Domin ba kowane amfani ne yake buƙatar ruwa mai yawa ba. Babban maɓalli na bayan gida ne, yana sakin kimanin lita 6. Ƙaramin maɓalli na fitsari ne, yana sakin kimanin lita 3. Tsofaffin tankuna masu hannu ɗaya sukan saki lita 9 ko fiye a kowace kora. Kamfanin Caroma na ƙasar Ostareliya, ƙasar da take fama da fari, shi ya fito da tanki mai maɓalli biyu a shekarar 1980, daga baya dabarar ta bazu a duniya.

Bambancin maɓallan biyu yana cikin lokacin da washar take yi a ɗage. Idan ka danna babba, wani ɗan kofi da yake can ƙasa cikin bawul yakan riƙe washar a sama har ruwa ya kusa ƙarewa. Idan ka danna ƙarami, washar takan faɗo da wuri, tun ruwa yana wajen rabin tanki. A jikin bawul ɗin akwai 'yan abubuwan da ake zamarwa sama ko ƙasa domin a ƙara ko a rage yawan ruwan kowane maɓalli.

Bututun ambaliya kuwa mai gadi ne. A wasu tankuna yana tsakiyar bawul ɗin kora, a wasu yana manne a gefensa. Idan bawul ɗin cikawa ya ƙi rufuwa, ruwa zai yi ta hawa har ya kai bakin wannan bututu, sai ya faɗa ciki ya sauka kwanon masai, maimakon ya malale a ƙasan ban-ɗaki. Tsayin ruwa na daidai shi ne kimanin santimita 2 zuwa 2.5 ƙasa da bakin bututun, wato kamar faɗin babban yatsanka. Wasu tankunan suna da layi a jikinsu da yake nuna wannan iyaka.

Dalilin da ya sa ba a ganin yoyon

Ko da ruwa yana sauka cikin kwanon masai dare da rana, ruwan kwanon ba ya ƙaruwa. Dalili shi ne a bayan kwanon akwai lanƙwasasshen bututu da yake riƙe ruwa daidai wani tsayi domin ya tare wari. Duk abin da ya ƙaru sai ya tsallake lanƙwasar ya tafi sokawe, wato ramin da ƙazantar gida take taruwa a ciki. Ƙasa ba ta jiƙa, kwano bai cika ba, don haka mutanen gida ba su ga komai ba. Alamun da za ka nema su ne waɗannan: ƙarar ruwa siririya da ba ta yankewa, ko tanki ya riƙa cika kansa lokaci-lokaci alhali ba wanda ya kora, ko ruwan kwano ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ko wani dogon tabo ya fito a bayan kwano inda ruwa yake bi.

Yadda za ka gane ƙofar da ta ƙi rufuwa

Ka fara da buɗe murfi. A tankuna da yawa maɓallin ne yake riƙe da murfin, saboda haka sai ka murɗa zoben maɓallin zuwa hagu ka cire shi tukuna. Murfin tangaran ne mai nauyi, kuma da wuya a sami irinsa shi kaɗai a kasuwa. Ka ajiye shi kwance a ƙasa a kan tsumma, kada ka jingine shi da bango. Kada ka ji ƙyamar ruwan da yake cikin tankin, domin shi ne dai ruwan da ya sauko daga tankin sama, bai taɓa ƙazanta ba. Duk da haka ka wanke hannu da sabulu idan ka gama.

Gwaji na farko da ido ake yin sa. Ka dubi tsayin ruwa, ka kwatanta shi da bakin bututun ambaliya. Idan ruwa ya kai bakin yana faɗawa ciki, laifin na bawul ɗin cikawa ne. Idan ruwa yana ƙasa da bakin amma har yanzu yana silalowa cikin kwano, laifin na bawul ɗin kora ne.

Gwaji na biyu yana tabbatar da na farko. A jikin bango, kusa da tankin, akwai ɗan famfo da yake ba tankin ruwa. Ka rufe shi ta hanyar murɗa shi zuwa dama. Ka yi alama da fensir a daidai tsayin ruwa, ka jira minti 10 zuwa 30. Idan ruwa ya sauka ƙasa da alamar ya ci gaba da sauka, washar bawul ɗin kora ce take yoyo. Idan ya tsaya cik a bakin bututun ambaliya, silalowar kuma ta daina, washar kora lafiya lau take, sai ka koma kan bawul ɗin cikawa.

Idan yoyon ƙarami ne ƙwarai har kana shakka, ka zuba ɗan ruwan zoɓo mai kauri ko ɗan bula a cikin tankin, kada ka kora. Bayan minti 20 ka leƙa kwano. Idan launin ya bayyana, alhali ruwan tanki bai kai bakin bututun ambaliya ba, ta ƙarƙashin washar kora ya bi. Daga nan ka kora domin kada launin ya kama tangaran.

Misali daga wani gida

Mu ƙaddara wani gida a Katuzu yana da tankin sama mai cin lita 1,000. A da, ruwan yakan kai su kwana uku, yanzu kuwa da ƙyar yake wuce kwana biyu. An duba famfunan gida ba a ga inda yake ɗiga ba. Sai aka ji 'yar ƙara a ban-ɗaki.

Aka buɗe murfi, aka ga ruwa yana ƙasa da bakin bututun ambaliya da santimita 2. Wannan ya nuna bawul ɗin cikawa ba shi da laifi. Aka rufe ɗan famfon bango, aka yi alama da fensir. Bayan minti 10 ruwa ya sauka da santimita 2.

Yanzu mu lissafa ɓarnar. Tsawon cikin tankin santimita 35 ne, faɗinsa kuma santimita 15. Idan ka ninka 35 sau 15 za ka sami 525. Ka sake ninkawa sau 2, wato saukar da ruwan ya yi, za ka sami 1,050. Lita ɗaya daidai take da 1,000 a wannan awo. Da yake kayan cikin tankin sun cinye ɗan wuri, sai mu ce lita 1 ce take zubewa a kowane minti 10. A awa ɗaya lita 6 ke nan. A kwana ɗaya, wato awa 24, lita 144 ke nan. Wannan ya kusa cika jarka shida masu cin lita 25, kuma daidai yake da danna babban maɓalli sau 24 a banza. A mako ɗaya ɓarnar ta kai lita 1,008, wato tankin sama guda cur. Kuma duk wannan ruwa cikin sokawe yake tafiya, ya cika ta kafin lokacinta, a sake biyan kuɗin kwashewa.

Ga yadda aka gyara, kuma haka kai ma za ka yi. Da famfon bango yana rufe, ka danna maɓalli ko ka ɗaga bawul da hannu domin tankin ya zama fanko. Ka kama jikin bawul ɗin kora, ka murɗa shi kaɗan, yawanci zuwa hagu, sai ka ji ya saki, ka ɗago shi. Wasu samfuran suna da 'yan kunnuwa biyu da ake matsewa maimakon murɗawa. Gindinsa zai tsaya manne da tankin, kada ka kwance shi. Idan ya ƙi fitowa, kada ka tilasta masa, ka duba yadda aka kulle shi, domin robar tana karyewa.

Ka juya bawul ɗin ka dubi washar. Lafiyayyar washa tana da laushi da santsi, kuma a shimfiɗe take. Wadda ta lalace takan yi tauri, ko ta tsage, ko ta lanƙwashe, ko ta yi 'yan ƙuraje masu ruwa a ciki kamar bororon ƙuna. A gidan misalinmu an sami ƙuraje biyu a jikin washar, an kuma sami yashi a kan zoben da take zama. Ka shafa wannan zobe da yatsa, ka wanke yashin, ka goge da tsumma mai laushi. Idan ka ji wani farin abu mai kaushi ya daskare a kai, irin wanda yake kama cikin butar shayi, ka jiƙa shi da ruwan lemon tsami na ɗan lokaci, zai yi laushi. Kada ka kankare da wuƙa. Idan zoben ya sami rauni, sabuwar washa ma ba za ta zauna daidai ba.

Daga nan sai ka cire tsohuwar washar ka tafi da ita shagon masu sayar da kayan famfo. Washa ba girma ɗaya ba ce, kowane samfuri da tasa, don haka ka ɗora sabuwar a kan tsohuwar ka ga faɗinsu da ramin tsakiyarsu sun yi daidai. Idan ba a samu a Gashuwa ba, sai an aika Nguru ko Kano, kana iya juya tsohuwar ka mayar da bayanta ya zama gaba. Wannan dabara ta wucin gadi ce, ba ta hana sayen sabuwa. Idan kuma ba a sami washar ko'ina ba, sai a sauya bawul ɗin gaba ɗaya.

Ka mayar da bawul, ka murɗa har ya kulle, ka buɗe famfon bango, ka bar tankin ya cika. Ka sake gwajin fensir. A gidan misalinmu ruwa ya tsaya a kan alama. Amma da aka mayar da murfi, sai yoyo ya dawo. Wannan yana da ma'ana guda: abin da yake jikin murfin ne yake danna bawul. A ƙarƙashin maɓallan akwai tsinke biyu. Idan sun yi tsawo da yawa, sukan danna bawul tun ba a taɓa maɓalli ba, washar ta ɗan ɗaga. Kowane tsinke yana da noti da ake murɗawa a rage tsawonsa. Aka rage su har suka tsaya dab da bawul ba tare da sun danna shi ba, yoyon ya tsaya. Ka kuma duba ko maɓallin yana dawowa sama bayan an danna shi. Ƙurar hunturu takan shiga gefensa ta sa ya maƙale, wankewa da ruwa kawai take gyara shi.

Idan laifin na bawul ɗin cikawa ne

A ce gwajinka ya nuna ruwa yana faɗawa bututun ambaliya. Famfon bango yana buɗe, ka ɗaga ƙwallon ko kofin da hannunka a hankali. Idan ruwa ya tsaya, bawul ɗin yana rufuwa, sai dai an saita shi sama da kima. A jikinsa akwai dogon sukuru na roba. Ka murɗa shi har kofin ya ɗan sauka, ka kora, ka ga inda ruwa zai tsaya. Ka maimaita har ya tsaya santimita 2 ƙasa da bakin bututun. Ka tabbata kuma ƙwallon ko kofin ba ya gogar bangon tanki. Idan ƙwallo ne, ka kwance shi ka girgiza. In ka ji ruwa a ciki, ya fashe, sai sabo.

Idan kuwa ka ɗaga har ƙarshe ruwa bai tsaya ba, matsalar tana cikin kan bawul. Ka rufe famfon bango, ka buɗe kan, ka lura da yadda kayan suke jere kafin ka fitar da su. Ka ciro faffaɗar washar, ka wanke ta, ka ɗaga ta wajen haske ka ga ko ɗan raminta a buɗe yake. Kada ka faɗaɗa ramin da allura. Kafin ka mayar da ita, ka kifa kofin shan ruwa a kan bawul ɗin, ka ɗan buɗe famfon bango na daƙiƙa kaɗan, ruwa zai fitar da yashin da ya maƙale. Bawul da yawa suna da 'yar rariya a inda ruwa yake shigowa, ita ma ka wanke ta. Idan washar ta tsage ko ta yi tauri, ka sauya ta. Wajen ɗaure kowane noti na roba, ƙarfin hannu ya isa. Wanda ya matse da filaya da ƙarfi yakan fasa shi.

Tushen matsalar da iyakar gyaranka

Idan yashi ne ya jawo yoyon, zai dawo muddin yana kwance a ƙasan tankin sama. Sai a wanke tankin lokaci-lokaci, a rufe bakinsa saboda ƙura, a kuma sa rariyar ruwa a kan bututun da yake saukowa cikin gida. Kada a jefa ƙwayar bilic a cikin tankin masai, domin tana cin washa ta sa ta lalace da wuri.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin ɗalibi. Idan ka ga ruwa a ƙasan ban-ɗaki duk lokacin da aka kora, wannan wata washa ce dabam, wadda take tsakanin tanki da kwano, kuma sai an sauke tankin kafin a kai gare ta. Haka nan idan tangaran ya tsage, ko gindin bawul ɗin kora ya fashe, ko famfon bango ya ƙi rufuwa. A nan sai a kira mai gyaran famfo. Kafin ya zo, a rufe famfon bango, ko na ƙarƙashin tankin sama, a riƙa kora masai da bokiti.

Ma'anar kalmomi

Yoyo: fitar ruwa kaɗan-kaɗan ta inda bai kamata ba.

Silalowa: gangarowar ruwa a hankali ba tare da ƙara sosai ba.

Ambaliya: cikar ruwa har ya wuce iyakarsa.

Tangaran: farin yumɓu gasasshe mai ƙyalli.

Fanko: abin da babu komai a cikinsa.

Rariya: abin tacewa mai ƙananan ramuka.

Wucin gadi: abin da aka yi na ɗan lokaci kafin a sami na dindindin.

Nazarin harshe

Dubi yadda ƙarshen aikatau yake sauya ma'ana. Na zuba zoɓo a tanki: na sa shi a ciki. Ruwa ya zubo cikin kwano: ya taho wajen mai magana. Ruwa ya zube: ya tafi a banza. Yaro ya zubar da ruwa: shi ya sa ruwan ya tafi. Haka kuma rufe da rufu: na rufe famfo, amma famfon ya ƙi rufuwa.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa uku da suke cikin tankin masai da aikin kowannensu.

2. Me ya sa ruwan kwanon masai ba ya ƙaruwa ko da tanki yana yoyo?

3. Ka rufe famfon bango, ruwa ya ci gaba da sauka ƙasa da alamar fensir. Wane bawul ne yake da laifi?

4. Yoyo ya tsaya da murfi yana buɗe, ya dawo da aka rufe shi. Mene ne dalili?

5. Tsawon cikin wani tanki santimita 40 ne, faɗinsa 15. Ruwa ya sauka da santimita 1 a minti 10. Kimanin lita nawa ne suke zubewa a awa ɗaya?

6. Yi jimla ɗaya-ɗaya da waɗannan kalmomi: cika, ciko, cike.

Aiki

Da izinin malaminku ko na iyayenka, ka buɗe murfin tankin masai, ka zana abin da ka gani, ka rubuta sunan kowane sashe da Hausa. Ka yi gwajin fensir na minti 30, sa'an nan ka rubuta sakamakon a jimla biyar.